Bututun Ruwan Zafi A Dogon Bene: Yadda Ake Ba Shi Wurin Miƙewa

Masu kula da manyan otal-otal da asibitoci da gidajen haya masu hawa da yawa sun saba da wani ƙorafi. Da asuba, lokacin da jama'a suka fara buɗe famfon wanka, sai a riƙa jin ƙas-ƙas daga cikin bango. Bayan wasu watanni danshi ya bayyana a silin na hawa na takwas ko na tara. A kira mai gyaran famfo, ya yanke mahaɗar da ta tsage, ya liƙa sabuwa, a biya shi ya tafi. Kafin shekara ta zagayo, mahaɗar ta sake tsagewa a daidai wurin. Daga nan sai a ce jabun kaya aka sayo, ko kuma wanda ya yi liƙin bai iya ba.

Wani lokaci hakan ne. Amma idan wuri ɗaya ne ke ta lalacewa, kuma a layin ruwan zafi kaɗai, to galibi matsalar tana ga babban bututun da ya taso daga ƙasan ginin ya miƙe tsaye har sama, wanda kowane hawa ke jan reshensa daga jikinsa. Wannan bututu yana ƙara tsawo duk lokacin da ruwan zafi ya ratsa shi, ya kuma koma idan ya huce. Babu kusa ko siminti da zai hana shi. Abin da injiniya zai iya yi kawai shi ne ya zaɓa masa wurin da zai tsaya cak, da wurin da zai zame, da wurin da ƙarin tsawon zai shige ba tare da ya karya komai ba.

Nawa yake miƙewa?

Abu uku ne ke yanke yawan miƙewar: irin kayan da aka yi bututun da shi, da tsawonsa, da yawan digirin da zafinsa ya ƙaru. Faɗin bututun ba ya cikin lissafin. Siririn bututu da ƙato, in dai kayansu ɗaya ne kuma tsawonsu ɗaya, miƙewarsu ɗaya ce. Injiniyoyi suna rubuta ƙa'idar haka:

```
ΔL = α × L × ΔT
```

ΔL shi ne ƙarin tsawo a milimita, L tsawon bututun a mita, ΔT bambancin zafi a digiri na ma'aunin Salshiyas. Shi kuwa α lamba ce da kowane irin kaya ke da tasa, wato milimita nawa mita ɗaya ke ƙarawa idan zafi ya hau da digiri ɗaya. Ta baƙin ƙarfe kusan 0.012 ce, ta jan ƙarfe kusan 0.017. Ta bututun roba na PPR, koren nan da ake haɗawa da injin narkarwa, wanda ya cika shagunan kayan famfo a garuruwanmu, kusan 0.15 ce. Wato yana miƙewa kusan ninki tara na jan ƙarfe, ya kuma haura ninki goma sha biyu na baƙin ƙarfe.

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. A ce otal ne mai hawa goma, kowane hawa mita 3, babban bututun tsaye ya zama mita 30. An kafa shi a ranar da zafin gari yake digiri 20, ruwan da zai bi ta cikinsa kuma zai iya kai digiri 70. Bambancin ya zama 50. Idan baƙin ƙarfe ne, zai ƙara milimita 18. Idan jan ƙarfe ne, milimita 25.5. Idan kuwa PPR ne zalla, zai ƙara milimita 225, wato santimita ashirin da biyu da rabi, fiye da taƙi guda na hannun babban mutum.

Akwai wani nau'in PPR da ake saka wa zaren gilashi ko siririn alminiyam a tsakiyar kaurinsa. Idan aka yanka shi ana ganin zobe mai launi daban a tsakiya. Lambarsa tana tsakanin 0.03 da 0.05, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Idan muka ɗauki 0.035, bututunmu na mita 30 zai ƙara milimita 52.5 kacal. A riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba.

Mai karatu zai iya cewa ai gidansa cike yake da PPR, bai taɓa ganin haka ba. Gaskiya ne. A gida mai hawa ɗaya, daga hita zuwa famfo mita uku ne ko biyar, bututun siriri ne, yana da kwana-kwana, an kuma binne shi cikin filasta. Ɗan ƙarin da zai yi yana ɓacewa a jikin robar. Dogon bututu mai kauri da ya miƙe sambal a cikin kwararon da aka bar wa bututu a jikin bene, shi ne ba ya samun wannan rangwame.

Wane zafi za a yi lissafi da shi?

A nan ake yawan tafka kuskure, domin mutane suna ɗaukar zafin ruwan wanka, digiri arba'in da ɗoriya, su yi lissafi da shi. Ruwan da ke cikin babban bututu ya fi haka zafi. A manyan gine-gine ana ajiye ruwa a digiri 60 ko sama, don hana ƙwayar cutar Lajiyonela hayayyafa a cikin tanki da bututu, sai a bakin famfo ake surka shi da na sanyi. Wasu wuraren kuma suna ɗaga zafin zuwa digiri 70 lokaci-lokaci don kashe ƙwayoyin. Inda ake dumama ruwa da hasken rana, idan babu na'urar surki a mafitar tanki, ranar da otal ba baƙi ruwan zai iya wuce haka. Saboda haka zafi mafi yawa da bututun zai taɓa gani shi ake sakawa a lissafi.

Ɗaya ɓangaren shi ne zafin ranar da aka kafa bututun, domin daga nan yake fara ƙirga motsinsa. Bututun da aka ɗaure a Kano da sanyin safiyar Janairu ba daidai yake da wanda aka ɗaure da tsakar ranar Afrilu ba. Na Afrilu, da aka kafa a digiri 40, miƙewarsa zuwa 70 ba ta kai ta na Janairu ba. Amma idan aka kashe hita a lokacin hunturu, bututun ya sauka zuwa digiri 12, zai tsuke da milimita 126 a misalinmu na PPR zalla, ya riƙa jan mahaɗu maimakon tura su. Don haka ana duba motsin ta fuska biyu, kuma yana da kyau a rubuta zafin ranar aiki a littafin gini.

Kada a haɗa wannan da kumburar ruwan kansa. Ruwan da aka ɗaga daga digiri 20 zuwa 70 yana ƙara kusan kashi 2 cikin ɗari na yawansa, kuma ƙaramin tanki mai iska a ciki da ake sakawa kusa da hita shi ke shanye wannan. Tankin ba ya rage miƙewar bututu ko da milimita ɗaya.

Idan aka danne shi fa?

Tunanin farko da ke zuwa wa mutum shi ne a ɗaure bututun tamau sama da ƙasa. Bari mu ga abin da hakan ke haifarwa a jan ƙarfe. Bututu mai faɗin milimita 54 da kaurin 1.2, idan aka hana shi motsi gaba ɗaya zafinsa kuma ya hau da digiri 50, zai tura abin da ya tare shi da ƙarfin da ya kai nauyin tan biyu. Wannan ƙarfi bai dogara da tsawo ba: guntun mita biyu da aka cusa tsakanin daɓe biyu na kankare yana tura su kamar yadda na mita talatin zai yi. Ɗayan uku sai ya faru. Ko maɗaurin ya tumɓuke daga bango, ko bututun ya gantsare gefe, ko mahaɗa ta gaji da turawa da ja na kullum ta tsage.

Roba ba ta da wannan taurin. Tana laushi idan ta yi zafi, don haka kowane ɗan yanki nata ba ya turi kamar ƙarfe. Amma tafiyarta doguwa ce, kuma tana saurin karkacewa. Bututun PPR da aka danne ba tsari yakan yi lanƙwashe-lanƙwashe tsakanin maɗaurai, ya yage soson da aka lulluɓe shi da shi, ya kuma murɗe rassan da ke jikinsa.

Turke da zoben jagora

Maɗaurai iri biyu ne a wannan aiki. A ido sun yi kama, amma aikin kowanne kishiyar na ɗan'uwansa ne.

Na farko shi ne turke, wanda ma'aikata ke ce wa anka. Wuri ne da aka ɗaure bututun da jikin ginin yadda ba zai motsa ta kowace fuska ba. Turaku su ke yanka dogon bututu gida-gida, kowane gida ya ji da miƙewarsa shi kaɗai. A bututun tsaye kuma su ke ɗauke da nauyi. PPR mai faɗin milimita 63 mai kauri, cike da ruwa, yana kai kilo 3 a kowace mita, mita 30 ta zama kilo 90. Dole turke ya kama kankare, daɓen bene ko ginshiƙi, da ƙarfe gajere mai tauri. Bulo mai rami ba ya riƙe turke. Dogon sandan ƙarfe mai zare da aka ratayo maɗauri a bakinsa ma ba turke ba ne, domin lanƙwashewa zai yi. A bututun roba akwai ƙarin sharaɗi: matse maɗauri a kan santsin bututu bai isa ba, zamewa zai yi idan ya yi zafi. Ana saka shi tsakanin soket biyu da aka liƙa, ko tsakanin soket da mahaɗar reshe, yadda kafaɗunsu za su tokare shi sama da ƙasa.

Na biyu shi ne zoben jagora. Shi yana rungumar bututun ne sako-sako, ya bar shi ya zame sama da ƙasa, amma ya hana shi kaucewa gefe. Idan babu shi, miƙewar ba za ta isa inda aka tanadar mata ba, a hanya za ta tsaya ta gantsare bututun. Ga PPR na milimita 63 mai ɗauke da ruwan zafi, tazarar zobba a tsaye takan kasance mita ɗaya da 'yan kai, kuma kowane kamfani yana da jadawalinsa.

Kuskure biyu ne suka fi yawa game da zobba. Na farko, yaron aiki ya ga maɗauri da ɗan sako-sako, ya ɗauko sufana ya ƙara matse shi, a ganinsa gyara ya yi. Nan take zobe ya koma turken da ba a yi lissafi da shi ba. Na biyu, a saka zobe dab da saman soket ko mahaɗa. Da bututun ya taso, kafaɗar soket ɗin ta daki zoben, tafiya ta tsaya. Dole a bar tazarar da ta fi motsin da ake tsammani a wurin. Haka ma inda bututun ya huda daɓen bene: ana ratsa shi ta cikin wani guntun bututu mafi faɗi, a cike tsakani da abin da ke tare wuta da hayaƙi amma yake barin motsi. Idan magini ya zo ya cike ramin da kwaɓin siminti, ya kafa turke a kowane hawa ba tare da ya sani ba.

Ƙa'idar da ta haɗa su ita ce: tsakanin kowane turke biyu, dole a sami wuri guda da zai shanye miƙewar.

Lanƙwasa mai siffar U

Hanya mafi sauƙi kuma mafi daɗewa ita ce a karkatar da bututun da gwiwoyi huɗu. Yana hawa sama, sai a juya shi ya tafi gefe, ya ɗan hau, ya dawo kan layinsa, ya ci gaba. Sassan nan biyu da suka tafi gefe suka dawo su ne ƙafafun lanƙwasar. Idan bututun ƙasa ya turo sama, na sama kuma ya turo ƙasa, ƙafafun suna ɗan tanƙwaruwa, bakin lanƙwasar ya tsuke. Da an huce ya buɗe. Babu abin da ke gogewa, babu robar da za ta ƙare.

Sirrin yana ga tsawon ƙafa. Dogon karan dawa, idan ka riƙe gindinsa ka tura kansa taƙi guda, tanƙwaruwa zai yi ya dawo. Guntunsa kuwa karyewa zai yi. Haka ƙafar lanƙwasa take, kuma yadda bututu ya ƙara faɗi haka yake ƙara tauri, ya nemi ƙafa mafi tsawo. Ga bututun roba, ƙa'idar ita ce:

```
Ls = K × √(d × ΔL)
```

Ls tsawon ƙafa ne a milimita, d faɗin bututun daga waje a milimita, ΔL motsin da ƙafar za ta shanye. K lamba ce ta irin robar. Ga PPR an fi amfani da 20, ko da yake wasu kamfanoni suna buga 15, wasu 30, kuma ta kamfanin da ya ƙera bututun ake bi. Alamar √ tana kan kalkuletar kowace waya.

Mu koma otal ɗinmu, da PPR zalla mai faɗin milimita 63. Gwaji na farko: turke ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, lanƙwasa ɗaya a tsakiya. Kowace ƙafa tana karɓar miƙewar mita 15, wato milimita 112.5. A ninka 63 da 112.5, a danna √, a sami kusan 84, a ninka da 20. Amsar ta kusa milimita 1,700. Ƙafa mai tsawon mita ɗaya da santimita saba'in ke nan. A ce kwararon da mai zanen gini ya bari faɗinsa santimita 80 ne, kuma akwai bututun ruwan sanyi da na bahaya a ciki. Ba za ta shiga ba.

Gwaji na biyu: a raba bututun gida uku da turaku huɗu, kowane gida mita 10 da lanƙwasarsa a tsakiya. Yanzu kowace ƙafa miƙewar mita 5 take karɓa, milimita 37.5. Lissafi ya ba da kusan milimita 970. A lura da abin da ya faru: an rage motsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙafar ko rabi ba ta ragu ba. Aikin alamar √ ke nan. Sai an rage motsi zuwa rubu'i kafin ƙafa ta koma rabi. An ƙara gwiwoyi takwas da turaku biyu, har yanzu ba a shiga kwararon ba.

Gwaji na uku: a sauya zuwa bututu mai zaren gilashi, a bar gida uku yadda suke. Motsin kowace ƙafa ya koma milimita 8.75, ƙafar ta zama kusan milimita 470. Wannan ta shiga, har da sarari ga soson lulluɓi da hannun mai gyara. Bututun ya fi tsada a kowace mita, amma shi ya raba gardama. A aikace ana matsar da turakun zuwa daɓen bene mafi kusa, sannan a sake lissafin da ainihin tsawon kowane gida.

Sauran tazarar da ke tsakanin ƙafafun biyu, don kada gwiwoyin su haɗu idan bakin ya tsuke. Ana ninka motsin gefe ɗaya sau biyu, a ƙara milimita 150. Wasu kamfanoni suna ƙara da cewa kada ta gaza ninki goma na faɗin bututun, wato milimita 630 a nan. Wannan ba ya wahala a bututun tsaye, domin tazarar sama take kallo, kuma sama akwai wuri. Masu ƙera PPR sukan nuna a kafa maɗauri a tsakiyar ɗan sashen da ya haɗa ƙafafun, don kowace ƙafa ta ji da ɓangarenta. Su kansu ƙafafun ba a ɗaure su. Maɗauri ɗaya a tsakiyar ƙafa ya mayar da ita guntuwa, lissafin duka ya rushe.

Idan wuri ya yi ƙunci akwai wata dabara. Ana yanka bututun ya gaza da rabin motsin da ake tsammani, a ja bakin lanƙwasar a buɗe shi kafin a yi liƙin ƙarshe. Da zafi ya zo, sai ta dawo daidai tukuna, sannan ta fara tsukewa. Wannan yana rage tsawon ƙafa da kusan kashi talatin cikin ɗari, amma yana son mai aiki mai natsuwa da ma'aunin zafi a hannu. Wasu kamfanonin bututu mai zaren gilashi kuma sun yarda a bar lanƙwasa gaba ɗaya, a kafa turke a gindin reshen kowane hawa, muddin tazarar turaku ba ta wuce mita 3 ba. A misalinmu milimita biyar da 'yan kai ne a kowane hawa, bututun yana shanye su da ɗan lanƙwashewar da ido ba ya kamawa. Wannan izini na irin bututun ne kaɗai. Ba a yi wa PPR zalla haka sai da jadawalin kamfaninsa, ballantana ƙarfe.

Ƙarfe ma da irin wannan tunani ake auna masa lanƙwasa, sai dai lambar da ake ninkawa ta fi ta roba girma nesa ba kusa ba, saboda taurinsa. Shi ya sa duk da motsinsa kaɗan ne, lanƙwasarsa ba ƙarama ba ce.

Rassa su ke fara kuka

Babban bututu ba kasafai yake fashewa ba. Ƙananan rassan da ke fita daga jikinsa su shiga banɗaki su ne ke shan wuya. Reshen yana liƙe da bututun da ke hawa da sauka, ɗaya bakinsa kuma yana binne a bangon da ba ya motsi. Idan turke ɗaya ne tak a ƙasan ginin, reshen hawa na farko kusan ba ya motsi, na tsakiya yana tafiyar santimita goma sha ɗaya, na can sama kuma sama da ashirin. Dalilin da ya sa yoyon ke bayyana a hawa na takwas da na tara, hawa na ɗaya kuma lafiya ƙalau, ke nan.

Kowane reshe ƙafa ce mai tanƙwaruwa, kuma da ƙa'idar nan ta baya ake auna shi. Reshe mai faɗin milimita 25 da ke kusa da lanƙwasa a gwajinmu na biyu, inda motsi ya kai milimita 37.5, yana buƙatar kusan santimita 61 a sake kafin ya taɓa bango ko maɗauri. A gwaji na uku santimita 30 sun isa. Ana samar da wannan tsawo ta hanya uku: a kafa babban bututun nesa da bangon da reshen zai shiga, ko a faɗaɗa ramin bangon a cike shi da soso mai laushi, ko a yi wa reshen kwana ya ɗan bi gefen kwararon kafin ya shige. Ya fi kyau kuma turaku su faɗa kusa da manyan rassa da bawul-bawul masu nauyi, domin nan ne ba a son motsi.

Kar a manta da ɗan'uwansa. A manyan gine-gine akwai siririn bututun da ke mayar da ruwan zafi zuwa hita, don kada baƙo ya daɗe yana jiran ruwa ya yi ɗumi. Shi ma zafinsa ya kusa na babban, miƙewarsa kusan ɗaya ce, kuma shi ma yana son turakunsa da lanƙwasarsa.

Mahaɗa mai ninki

Inda babu wurin lanƙwasa ko kaɗan, musamman a bututun ƙarfe, ana saka wata gajeriyar mahaɗa mai ninki-ninki da ke tsukewa tana buɗewa a kan layin bututun. Ba ta cin wuri, amma tana zuwa da sharuɗɗa. Matsin ruwa yana ƙoƙarin buɗe ta, kuma turaku ne ke tare wannan ƙarfi. Idan filin da ruwa ke turawa a cikinta santimita murabba'i 30 ne, matsin kuma ba 6, kowane turke zai ɗauki ƙarin kusan kilo 180, ranar gwajin matsi kuma fiye da haka. Sannan ba ta jure karkata ko kaɗan. Ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera ta, EJMA, ita ce zobe na farko kada ya wuce ninki 4 na faɗin bututu daga mahaɗar, na biyu kuma kada ya wuce ninki 14 daga na farko. A bututun milimita 54, santimita 21 da santimita 75 ke nan. Tana kuma tsufa, don haka dole a bar ƙofar da za a iya duba ta a canza ta.

Yadda ake gane an yi daidai

Gwajin matsi da ake yi kafin miƙa gini da ruwan sanyi ake yin sa. Yana nuna ko liƙi ya kama, amma ba ya cewa komai game da miƙewa. Gwajin da ke nuna ta mai sauƙi ne. Kafin a kunna hita, a bi kwararon hawa-hawa, a ja layi da maka a jikin bututun daidai bakin kowane zobe da kowane turke. A kunna, a bar ruwa ya zagaya har zafi ya zauna, a dawo da abin awo. A wurin turke, layin bai kamata ya gusa ba. A wurin zobba, ya kamata tazarar ta riƙa ƙaruwa yayin da ake nesa da turke ana kusantar lanƙwasa, ta kuma yi kusa da abin da lissafi ya bayar. Zoben da layinsa bai motsa ba alhali na ƙasa da shi ya motsa, a nan bututun ya maƙale. Turken da layinsa ya gusa kuwa bai riƙe ba.

A tsohon gini ma alamun ba sa ɓuya: ƙarar ƙas-ƙas idan aka fara jan ruwan zafi, maɗaurin da ya sunkuya, soson da ya tattare a gefe ɗaya na zobe, tayil da ya tsage a inda reshe ya shiga bango, da mahaɗar da ake ta canzawa a hawa ɗaya.

Gyara bayan an gama gini yana da tsada, domin faɗin kwararon ba ya ƙaruwa bayan kankare ya bushe. Tun ran gini ran zane. Duk mai gina bene da zai raba ruwan zafi daga wuri ɗaya, ya nemi injiniyansa ya nuna masa abu huɗu a kan takarda kafin a zuba daɓen farko: irin bututun da lambar miƙewarsa, zafin da aka yi lissafi da shi, wurin kowane turke da kowane zobe, da tsawon ƙafar kowace lanƙwasa. Idan babu su a zanen, kada ya sa hannu sai an saka.